Taken makarantar kuɗi a Legas: yadda ake haɗa ladabi da son tambaya a layi ɗaya

Duk wanda ya buɗe makarantar kuɗi a Agege, ko Idi-Araba, ko bayan kasuwar Mile 12, akwai ranar da mai fentin allo zai tsaya a gabansa ya ce, "Malam, me za a rubuta a ƙarƙashin sunan?" Yawancin masu makarantu nan take suke ba da amsa, su ce a sa "Ilimi da Tarbiyya", domin abin da suka saba gani ke nan. Alhali wannan ɗan layin shi ne maganar farko da makaranta take yi da uba ko uwa, tun kafin su ga aji, tun kafin su tambayi kuɗin zango. Ƙidayar makarantun kuɗi da aka yi a jihar Legas tsakanin 2010 da 2011 ta gano sama da 12,000, kuma yaran da ke cikinsu sun fi na makarantun gwamnati yawa. A garin da lungu ɗaya kan ɗauki makaranta uku ko huɗu, layin da ya yi kama da na maƙwabci bai faɗi komai ba.

Akwai bambanci tsakanin kirarin da ake sawa a bajo da taken da ake sawa a allon ƙofa. Na bajo na 'yan gida ne, ana so ya daɗe, kuma ba laifi ya zama da Larabci. Kwalejin Barewa ta Zariya tana da "Man jada wajada", Jami'ar Bayero kuma ta ɗauko nata daga Suratu Yusuf, inda aka ce saman kowane mai ilimi akwai wanda ya fi shi sani. Waɗannan suna magana ne da ɗalibin da ya riga ya shiga. Taken allon ƙofa kuwa da wanda bai shigo ba yake magana, mutumin da ke wucewa a keke ko a ƙafa da damuwa a ransa. Shi ne abin da za mu warware a nan.

Sai an san damuwar kafin a san abin da za a ce. Bahaushen da ke rainon 'ya'ya a Legas yana fama da tsoro iri biyu masu jan sa gabas da yamma. Na farko, kada yaro ya lalace. Uban yana fita kasuwa ko mayankar Oko-Oba tun kafin gari ya waye, ba ya dawowa sai bayan isha'i. Gidan haya ne, ɗaki ciki da falo, tsakar gida ta kowa ce. Babu kawu a zaure, babu kaka a cikin gida, babu maƙwabcin da zai tsawata wa yaro don ya san ubansa. Yaron yana jin Yarbanci da Turancin titi fiye da Hausa, wata rana ya amsa wa uwarsa magana yana kallon ƙwayar idonta, sai gabanta ya faɗi. Shi ya sa za ka ji uba yana cewa in abin ya ƙi zai mayar da shi Arewa wajen kakanninsa. Wannan uban tarbiyya yake nema ido rufe.

Tsoro na biyu, kada yaro ya tashi baƙauye a cikin birni. Uban nan dai ya ga 'ya'yan maƙwabtansa suna magana gaban jama'a ba gargada, suna cike fam, suna samun aiki a banki da tashar jiragen ruwa ta Apapa, shi kuwa ɗansa yana dawowa da haddar da bai san ma'anarta ba. Ya biya kuɗin zango da ƙyar, musamman tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 komai ya yi tsada, yana so ya ga yaro mai kaifin ƙwaƙwalwa wanda ba za a cuce shi a takarda ba.

A saman waɗannan akwai na uku, wanda ba a cika faɗa da baki ba: kada a cutar da yaron a cikin makarantar kanta. Iyaye ba su manta da mutuwar wani ɗalibin makarantar kwana a Lekki a ƙarshen 2021 ba. Hausawa kuma, ko a Legas suke, ba su manta da yarinyar nan 'yar shekara 5 a Kano ba, wadda mai makarantarsu ya sace, aka gano gawarta a farkon 2022. Tun daga nan, duk kalmar da ke ƙamshin tsanani a allon makaranta tana iya sa uwa ta ja da baya.

Inda aikin yake da wuya shi ne, a kunnen iyaye da yawa tarbiyya da son tambaya ba sa zama inuwa ɗaya. Mun tashi ana yabon yaro da cewa ba shi da hayaniya, ana kushe wani da rawar kai, da shisshigi, da tsaurin ido. Idan mai makaranta ya rubuta cewa yana koya wa yara bincike da tambaya, uba na iya fassara shi da cewa za a koya wa ɗansa ja-in-ja da manya. Idan kuma ya rubuta horo da biyayya, uwa na iya hango bulala da yaron da zai dawo gida ya kasa buɗe baki. Taken da ya jera abubuwan biyu da "da" a tsakani bai kashe wannan shakkar ba. Dole ya nuna cewa yaro ɗaya ne zai ɗauki halayen biyu, ladabi ya gyara yadda yake tambaya, tambaya ta nuna cewa ladabin ba na tsoro ba ne. Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Duk ɗan Islamiyya ya haddace hadisin da Mala'ika Jibrilu ya zo a siffar mutum, ya zauna gaban Annabi (SAW) a natse, ya yi ta jero tambayoyi a kan Musulunci da imani da ihsani. Nana A'isha kuma ta yabi matan Ansar da cewa kunya ba ta hana su neman fahimtar addini ba. Mai makarantar da ya riƙe wannan a ransa ya san cewa ba wani sabon ra'ayi yake tallata wa iyaye ba.

Mu ƙaddara wata makaranta a Agege, nazare da firamare, ɗalibai kamar 140, galibinsu 'ya'yan Hausawa 'yan kasuwa da direbobi, da wasu 'ya'yan Yarbawa Musulmi na unguwar. Ana boko da safe, Islamiyya da yamma. Mai makarantar ta zauna da malamanta sun fitar da take biyar, ana so a zaɓi ɗaya.

Na farko shi ne "Ilimi da Tarbiyya". Ba ƙarya a ciki, amma ba a daɗe a kansa. Hanyar gwada shi mai sauƙi ce: a rufe sunan makarantar, a liƙa na makarantar da ke lungu na gaba. In ya zauna daram, to ba naku ba ne.

Na biyu karin magana ne, "Icce tun yana ɗanye". Kowa ya san ƙarshensa, a kan tanƙwara shi, kuma iyaye maza da yawa za su gyaɗa kai. Sai dai abin da ya rage a zuciyar mai karatu shi ne tanƙwarawar. Yaron a nan ba ya yin komai, yi masa ake yi. Babu ƙofar da son sani zai shiga. Ga uwar da ke tsoron a taɓa lafiyar ɗanta, hoton da ya zo mata na hannun babba ne a jikin ƙaramin yaro. A ajiye shi.

Na uku ma karin magana ne, kuma ina ƙaunarsa: "Matambayi ba ya ɓata". Ya mayar da tambaya abin da kakanninmu suka yarda da shi, don haka ba wanda zai ce an kawo ɗabi'ar waje. Ga kuma wani abu da ya ƙara masa nauyi a Legas. Ɓata shi ne ainihin abin da iyayen ke tsoro, ɓatan hanya da ɓatan hali, sai ga take yana ce musu tambaya ce maganin ɓatan. Rauninsa biyu ne. Bai ce komai a kan ladabi ba, uban da tarbiyya ta kawo shi zai wuce bai ji an kira shi ba. Sannan akwai harafin ɓ. Masu buga takardu a Shomolu da Mushin sun ƙware, amma mafi yawansu ba Hausawa ba ne, kuma salon haruffan da suke amfani da shi sau da yawa ba ya ɗauke da ɓ, ɗ da ƙ. Ko dai na'ura ta fito da ɗan akwati a gurbin harafin, ko mai aikin ya mayar da shi b don kansa. Sai allo ya fito da "ba ya bata", mai karatu ya tsaya yana tunanin wace ce ba a ba. Za a iya magance wannan ta hanyar tura rubutun a matsayin hoto da duba samfuri kafin a buga, amma za a yi ta wannan faman a kan kowane rasit, kowace riga, kowace kalanda.

Na huɗu shi ne wanda malaman suka fi so: "Horo ba duka, tambaya ba tsoro". Yana da daɗin faɗi, ɓangarorin biyu sun yi daidai da juna, kuma ya taɓa tsoro na uku kai tsaye. Ya kuma yi daidai da matsayin gwamnatin jihar, wadda ta sha nanata cewa ba ta yarda da dukan yara a makarantu ba, ga kuma dokar kare haƙƙin yara da Legas ta yi a 2007. A nan ne ya kamata a tsaya a yi tunani sosai, domin take mai daɗi a baki shi ya fi saurin ruɗin mai shi.

Matsalarsa ta farko a rubuce take. "Duka" na bugu da "duka" na gaba ɗaya rubutunsu ɗaya ne, murya ce ke raba su. Wanda ya karanta daga nesa zai iya ɗauka ana cewa horon ba cikakke ba ne. Ana iya musanya shi da "bulala", amma sai nauyin layin ya karye. Matsala ta biyu ta fi girma. Idan ka rubuta duka da tsoro da manyan haruffa a ƙofar makaranta, ko da ka sa "ba" a gabansu, kalmomin biyu su ne suke maƙale wa mutum. Ka tuna masa abin da yake gudu a daidai lokacin da kake son hankalinsa ya kwanta. Ta uku kuwa, akwai iyayen da har yanzu ke kawo yaro su ce, "Malam, ga shi nan, in ya ƙi ji ku zane shi." Irin wannan uban, in ya ga "ba duka" a allo ba tare da an yi masa bayanin abin da ake yi a madadin dukan ba, sai ya yanke hukuncin cewa makarantar sakaka ce. Maganar hana duka tana buƙatar zama da bayani, a ofis, a kan kujera. Wurinta takardar shiga makaranta, inda uba zai karanta matakan horo ya sa hannu. Allon titi ba ya iya ɗaukarta.

Na biyar ya fara ne a matsayin "Tambaya cikin ladabi". Kalma uku, gaɓa takwas, babu harafi mai lanƙwasa, kuma ya saka tambaya a cikin ladabi maimakon ya ajiye su gefe da gefe. Aibinsa bai fito ba sai da aka karanta shi da ƙarfi kamar ana tsaye a bakin get. Ya yi kama da umarni, kamar makaranta tana gargaɗin iyaye cewa in za su yi tambaya su yi a hankali. Wani ya kawo "Ga ladabi, ga tambaya", mai gaɓa huɗu-huɗu da kiɗan 'yan kasuwa, amma "ga tambaya" na iya sa mutum ya jira a jefo masa tambayar. Abin da duk suka rasa shi ne yaron. Da aka sako shi, sai layin ya zama "Yara masu ladabi, masu tambaya".

Wannan nake ganin ya fi dacewa da makarantar. An ce yara, ba yaro ba, don haka uwar 'ya mace ta ga 'yarta a ciki. "Masu" da aka maimaita ya ɗaure halayen biyu a kan yara guda, ba wasu masu ladabi wasu masu tambaya ba. Ladabi ya zo farko, domin shi ne abin da ya hana uban barci, kuma in ya ji an fara da shi zai saurari na biyun da buɗaɗɗen rai. Mafi muhimmanci, iyaye za su iya gwada shi a gida. Babu uwar da za ta iya auna "nagarta" ko "ingantaccen ilimi" a ɗakinta. Amma ta san ko ɗanta yana sallama kafin ya shigo, ta san ko ya daina katse manya, ta kuma san ko ya fara tambayarta me ya sa tumatirin da ke zuwa daga Arewa ke ruɓewa a hanya, ko ina ruwan kwata yake tafiya. Take irin wannan yana ba iyaye ma'aunin da za su auna makaranta da shi, kuma mai makarantar da ba ta shirya a auna ta ba kada ta ɗauke shi.

Zaɓin malamai a ofis bai isa ba. Kafin a kira mai fenti, a gwada take biyu ko uku da suka rage a kan iyaye, kamar mutum 12: shida mata, shida maza, rabi masu yara a makarantar, rabi waɗanda ba su taɓa shiga ba. Kada a tara su wuri ɗaya, domin in Alhaji mai faɗa a ji ya yi magana sauran za su bi bayansa. Kada kuma a tambaye su ko ya yi kyau, Bahaushe ba zai kushe maka abinka a gaban idonka ba, "ma sha Allah" zai ce. A karanta wa mutum taken sau ɗaya, a ce, "Hajiya, in makaranta ta cika wannan maganar, me za ki gani a wajen ɗanki bayan zango ɗaya?" In ta ce, "Zai riƙa gaishe ni da safe, in ya ga abin da bai gane ba ya tambaye ni," taken ya isa inda aka aike shi. In ta ce, "To, zai yi ilimi dai," bai isa ba. Tambaya ta biyu ita ce, "Akwai abin da ya tsaya miki a rai da kika ji shi?" A nan ne za a ji uban da zai ce, "Wannan tambayar, ba dai yaro ya zo yana yi mini gardama a gida ba ko?" Kada a yi musu da shi. A rubuta maganar tasa, domin ita ce tambayar da za a yi ta amsawa a ofis kowace ranar ɗaukar ɗalibai. Washegari a kira kowannensu a waya a ce ya maimaita taken. Wanda mutum takwas ko tara cikin 12 suka iya dawo da shi daidai, shi zai iya yawo a baki. Wannan ɗan gwaji ba bincike ne na ilimi ba, amma yana kama manyan kurakurai da kuɗi kaɗan.

Yawo a baki yana da muhimmanci fiye da allon kansa. A unguwanninmu na Legas uwa tana jin labarin makaranta ne a wajen suna ko biki, ko a saƙon murya na WhatsApp daga ƙawarta, uba kuma a ƙofar masallaci bayan sallar magariba. Wasu iyayen da aka haifa a Legas suna jin Hausa sarai amma karanta ta da boko yana musu nauyi, wasu kuma Larabci da ajami suka fi sani. Taken da ba ya faɗuwa a numfashi ɗaya ba zai kai gare su ba.

Sai batun allon. Masu aikin alluna suna da ƙa'idar da suke bi ta kusan santimita 2.5 na tsayin harafi ga kowace mita 3 ta nisan mai karatu. In ana so wanda ke tsallaken titi, kamar mita 15, ya karanta ba tare da ya ƙanƙance ido ba, harafi zai kai santimita 12 zuwa 13. Taken da aka zaɓa yana da gurbi 30 idan aka haɗa da tazarar kalmomi, wato a layi ɗaya zai ci fiye da mita 2. Gara a raba shi biyu a daidai waƙafi, "Yara masu ladabi" a sama, "masu tambaya" a ƙasa, sai ya shiga allon da faɗinsa bai kai mita ɗaya da rabi ba. Abin da ke kashe yawancin allunan makarantunmu shi ne cunkoso: suna, take, jerin azuzuwa tun daga nazare, lambar waya uku, hoton yara, da ayar Alƙur'ani, duk a allo guda, har a rasa abin da ido zai kama. Suna, take da lambar waya ɗaya sun wadatar. Kuma allon da ke fuskantar titi a Legas yana ƙarƙashin hukumar LASAA mai kula da alluna da tallan waje, gara a nemi izininta tun farko da a wayi gari an cire shi.

Tun da akwai 'ya'yan Yarbawa a makarantar, za a buƙaci na Turanci, wataƙila har da na Yarbanci, ganin cewa dokar jihar ta 2018 ta wajabta koyar da Yarbanci har a makarantun kuɗi. Kada a ba wani ya juya na Hausar kalma bayan kalma. A zauna da malami Bayarabe a faɗa masa abin da ake nufi, yaro mai girmama manya wanda ba ya jin tsoron tambaya, shi ya nemo yadda iyayensu ke faɗin hakan. Yarbawa suna da tasu al'adar girmama na gaba mai ƙarfi, ba za a sha wahalar samun kalmar ba.

Akwai abubuwan da bai kamata su shiga take ba ko da suna jan mutane. Alkawarin cewa kowane ɗalibi zai ci jarrabawa, ko cewa makarantar ce ta ɗaya a Legas, magana ce da ba za a iya tabbatarwa ba. Dokar kare masu saye ta tarayya ta 2018 ta hana yaudara a talla, hukumar ARCON da dokar 2022 ta kafa kuma tana tantance tallace-tallace kafin a fitar da su. Ban da doka ma, iyayen Legas sun san irin cibiyoyin da ake ba yara amsa a ɗakin jarrabawa, don haka alkawarin cin jarrabawa ɗari bisa ɗari yana sa mai hankali ya yi zargi. Haka nan kada a rubuta cewa gwamnati ta amince da makaranta sai takardar ofishin tabbatar da ingancin ilimi na jihar, OEQA, tana hannu.

Abin da ya rage, kuma ya fi duk wannan nauyi, shi ne a samar wa kowane rabin taken abin da za a nuna da yatsa. Ranar da uba ya shigo ya ce, "Hajiya, na ga kun rubuta ladabi, yaya kuke yi in yaro ya yi laifi?", amsa ba za ta zama "muna ƙoƙari" ba. A ɗauko masa takarda: gargaɗi da baki tukuna, in ya maimaita a sauya masa wurin zama, sai a rage masa lokacin tara, sai a rubuto wa iyaye, sai a kira su a zauna tare da yaron, dakatarwa ita ce ta ƙarshe. A nuna masa ƙarfe nawa ake rufe get da safe, da katin da dole mai ɗaukar yaro ya nuna kafin a ba shi yaron. Wannan katin kaɗai yana kwantar da hankalin uwa fiye da dogon jawabi.

Rabin tambaya shi aka fi yin sakaci da shi, domin ba ya samuwa sai an ware masa lokaci. A bar minti 10 na ƙarshen darasi don tambayoyin yara. A koya musu yadda ake yi: ɗaga hannu, jira a kira ka, ka miƙe, ka ce "Malam, ban gane wuri kaza ba", kada ka katse wani, kada a yi wa mai tambaya dariya. A nan ne ladabin da tambayar suke haɗuwa a aikace, yaro yana koyon su a motsi ɗaya. Don masu kunya, musamman 'yan mata, a ajiye kwali a bayan aji su jefa tambaya a rubuce, a buɗe ranar Juma'a. Malamin da aka yi wa tambayar da bai san amsarta ba ya ce, "Ban sani ba, zan duba in gaya muku gobe," kuma ya cika. Wannan yana yi wa malamai da yawa wuya, musamman matasan da ke ganin girmansu zai zube, don haka shugabar makaranta ce za ta fara yi a gabansu. A katin sakamako kuma a ƙara layi biyu, ɗaya na ladabi ɗaya na tambaya, malami ya rubuta jimla guda a kan kowanne da misalin abin da yaron ya yi.

Ana gane cewa taken ya rabu da makarantar tun kafin iyaye su fara janye yara. Shugaba ta shiga aji huɗu ba sanarwa, ta zauna a baya darasi guda, ta ƙirga hannun da aka ɗaga ba tare da malami ya nemi amsa ba. In darasi ya ƙare ba ko ɗaya, rabin taken ya mutu a ajin nan. Ta duba kwalin tambayoyi, in ya yi mako uku babu komai a ciki, ko yara sun gano ba a karantawa ne, ko an taɓa kunyata wani. Ta buɗe littafin horo ta ga ko matakan da iyaye suka sa hannu a kai su ake bi, ko kuwa akwai tsumagiya a ɓoye a bayan allo. Ta tambayi mai gadi da mai shara ko sun san abin da ke rubuce a ƙofar da suke tsaro, domin su ne iyaye ke fara cin karo da su.

Sauran take biyun da aka so ba a zubar da su ba. "Matambayi ba ya ɓata" ya koma bangon cikin aji da bayan littafin rubutu, inda yara ne masu karanta shi, kuma malamin Hausa zai tsaya a kan mai fenti har ya lanƙwasa harafin daidai. Maganar horo ba tare da duka ba ta shiga shafin farko na takardar shiga, da matakanta shida a ƙarƙashinta da gurbin sa hannun uba ko uwa. Na allon ƙofa kuma a bar shi aƙalla shekara uku ba a taɓa ba, a sa shi iri ɗaya a rasit, da rigar wasanni, da ƙarshen kowane saƙon da ake tura wa iyaye, domin yaron da aka sa a aji ɗaya sai ya kai aji uku ko huɗu kafin maƙwabta su fara ganin halinsa su tambayi wace makaranta yake zuwa.